Takardar Hujjojin Mai Ƙara: Jamhuriyar Amarela da Masarautar Toribas

GASAR SHARI'AR GWAJI KAN DOKAR TEKU
A GABAN KOTUN DUNIYA, FADAR ZAMAN LAFIYA, BIRNIN HEG
Shari'a kan shata iyaka a Tekun Selwa
Ƙungiya mai lamba 214, a madadin mai ƙara

I. HURUMIN KOTU

Ƙasashen biyu sun amince da hurumin wannan Kotu a ƙarƙashin Sashe na 36(2) na Dokar Kotun. Toribas ta yi togaciya kan duk rikicin da aka yarda za a warware ta wata hanya, tana kuma kafa hujja da sanarwar haɗin gwiwa ta 2015. Abin da sanarwar ta ce kawai shi ne za a ci gaba da tattaunawa. Ba ta sa wa'adi ba, ba ta hana kowa zuwa kotu ba. A 2017 Kotu ta ƙi irin wannan ƙorafi daga Kenya a ƙarar da Somaliya ta shigar.

II. YADDA LAMARIN YAKE

Amarela na arewa, Toribas na kudu, iyakarsu ta tudu ta ƙare a bakin Kogin Oru. Dukansu sun rattaba hannu tare da tabbatar da Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982. A 1991, ana tsakiyar yaƙin basasar Amarela na 1989 zuwa 1997, Toribas ta raba filayen haƙar mai tana bin layin latitud da ya miƙe yamma daga bakin kogin. Amarela ta aika takardar ƙin amincewa a 1998. Dutsen Kalu na Toribas ne, babu mai jayayya. Yana mil 21 daga gaɓa, girmansa murabba'in kilomita 0.3, babu rijiya, babu bishiya, sai hasumiyar fitila da sojoji shida da ake sauyawa duk wata, jirgi na kai musu ruwa a jarkoki. A watan Maris na 2021 Toribas ta haƙa rijiyar gwaji a yankin da ake taƙaddama a kansa.

III. HUJJOJI

A. Babu iyakar da aka taɓa amincewa da ita

Toribas na iƙirarin cewa layin latitud ya riga ya zama iyaka, amma ba ta da takarda ko ɗaya mai ɗauke da sa hannun Amarela. Shi ya sa ta fake da cewa shiru amsa ce. A shari'ar Nikaragwa da Honduras ta 2007 Kotu ta ce kafa iyakar teku ta dindindin babban al'amari ne da ba a ɗaukarsa da zato, kuma shaidar yarjejeniyar da ba a rubuta ba sai ta zama mai ƙarfin gaske.

Me Toribas ta kawo? Taswirorin filayen mai da ita kanta ta zana. A shari'ar Kamaru da Najeriya ta 2002 Kotu ta bayyana cewa lasisin mai da rijiyoyi ba su isa su motsa layi ba, sai in akwai yarjejeniya a ƙarƙashinsu. Kwamitin musamman na Kotun Dokar Teku ya bi wannan sahu a 2017, ya ƙi iƙirarin Gana a kan Kwaddebuwa duk da shekaru masu yawa na aikin mai a gefen layi ɗaya.

Shirun ma na shekara bakwai ne, shekarun da Amarela ba ta da gwamnatin da za ta amsa wasiƙa, balle ta sa ido a teku. Kotu ta yi la'akari da irin wannan hali a hukuncin Somaliya da Kenya na 2021, ta kuma ƙi layin latitud. Da ƙura ta lafa Amarela ta yi magana. Sannan Toribas da bakinta, a wasiƙar diflomasiyya ta 2009, ta gayyaci Amarela zama “domin a tantance iyakar”. Ba a kiran taro don tantance abin da aka riga aka tantance.

Za a ambaci shari'ar Feru da Chile ta 2014. A can akwai yarjejeniyar 1954 da ta faɗi ƙarara cewa iyaka na nan, kuma duk da haka Kotu ta tsayar da layin a mil 80. Nan babu makamanciyarta.

B. Layin da doka ta bayar

Sashe na 15 na Yarjejeniyar 1982 ya tanadi layin raba-daidai a mil 12 na farko. Daga nan zuwa mil 200, Sashe na 74 da na 83 na buƙatar sakamako na adalci, kuma tun shari'ar Romaniya da Yukren ta 2009 hanyar ta zama matakai uku: a ja layin raba-daidai na wucin gadi, a duba ko akwai dalilin gyara shi, a gwada ko rabon ya yi mummunan rinjaye.

Duk gardamar ta tattara ne a kan Kalu. Idan aka auna daga gaɓar ƙasashen biyu, layin zai fita a kusurwar digiri 248. Idan aka sa ma'auni a kan Kalu, layin zai karkata arewa ya tare gaban gaɓar Amarela. Dutsen da mutum zai kewaye da ƙafa cikin rabin awa ba zai yanke wa gaɓa mai kilomita 410 hanyarta zuwa teku ba. Kotu ta ƙi sa ma'auni a Tsibirin Macizai na Yukren, tana cewa yin haka sake fasalin ƙasa ne ta hannun alƙali. Tsibirin Sen Martin na Bangaladash, mai dubban mazauna, mil 12 kawai ya samu a 2012, bai motsa layin da ke gaba ba.

Kalu kuma dutse ne a ma'anar Sashe na 121(3): ba ya iya riƙe mazauna ko tattalin arzikin kansa. Kwamitin sulhu a shari'ar Tekun Kudancin Sin ta 2016 ya ce ana duba wuri ne a yadda aka halicce shi, kuma jami'an da ake ciyarwa daga waje ba su zama al'umma. Amarela ba ta hana Kalu mil 12 ɗinsa. Ta tsaya a nan.

Batun masunta da Toribas ta ɗauko ba ya buƙatar dogon bayani. Ma'aunin shari'ar Mashigin Meyin ta 1984 shi ne mummunar illa ga rayuwar jama'a, Toribas kuwa ba ta nuna ko ƙauye ɗaya da zai shiga wannan hali ba.

A mataki na uku, tsawon gaɓa kilomita 410 ne da 290, wato kusan 1.4 da 1, rabon ruwan kuma 1.3 da 1. Babu rinjaye.

C. Rijiyar 2021 ta saɓa wa doka

Sashe na 74(3) da na 83(3) sun wajabta wa kowane ɓangare ya yi iya ƙoƙarinsa kada ya dagula hanyar cimma yarjejeniya. A shari'ar Giyana da Surinam ta 2007 an bambanta binciken da ba ya barin tabo a ƙasan teku da haƙar da ke sauya shi har abada, aka ce ta biyun ta keta wannan wajibi. Ba mu ɓoye cewa an wanke Gana a 2017 ba. To amma Gana ta dakatar da sabuwar haƙa bayan umarnin da kwamitin musamman ya bayar a 2015, kuma ayyukanta sun faɗa ɓangaren da hukuncin ya ba ta. Toribas ta haƙa tata ne mil 14 arewa da layin raba-daidai, wata biyu bayan Amarela ta roƙe ta a rubuce ta dakata.

IV. ABIN DA AKE ROƘO

Amarela na roƙon wannan Kotu mai daraja ta yanke hukunci cewa:

(1) tana da hurumin sauraron ƙarar;
(2) babu wata iyakar teku da aka amince da ita a kan layin latitud;
(3) iyakar ta tashi daga bakin Kogin Oru a kusurwar digiri 248 zuwa mil 200, tana kewaye Kalu a tazarar mil 12;
(4) Toribas ta keta Sashe na 74(3) da na 83(3), sai ta daina haƙa arewa da layin, ta kuma miƙa wa Amarela bayanan da ta samu daga rijiyar.

Cikin girmamawa,
Wakilan Jamhuriyar Amarela
Ƙungiya mai lamba 214