Yaya Usmanu, game da lissafin shinkafar Yuli

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Alhaji, ina kwana, ya gajiyar hanya?

Yaya Usmanu, yanzu na buɗe waya na ga saƙonka na daren jiya, inda ka ce ka gano inda buhu 140 ɗin nan suka maƙale, ka kuma haɗa wa Alhaji lissafin. Na ga ana ta yi maka sannu da aiki. To da ɗan gyara, kuma tunda a nan aka yi maganar, gara a gyara ta a nan.

Ni na yi lissafin nan. Ran Talata bayan an tashi na zauna da takardun kayan da aka loda daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaoundéré, guda 63, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da littafin sito na nan Garwa. Har wuta ta ɗauke, na ƙarasa da fitilar waya, Baba maigadi shaida ne, shi ya rufe ƙofa bayana wajen ƙarfe tara. A nan na ga takardar mota guda an shigar da ita sau biyu, ran 11 da ran 14 ga wata, lambar mota ɗaya, direba ɗaya, buhu 128 masu kilo 50. Shinkafar ba ta ɓata ba, a takarda ne kawai ta haihu. Ran Laraba da ƙarfe 10:20 na tura maka stock_riz_juillet_v3.xlsx don ka duba mini kafin ya je gaban Alhaji. Shi ne ka turo nan, ko sunansa ba a canza ba.

Abin da ka yi ba zan ɓoye shi ba: kai ka kira direban ya tabbatar sau ɗaya ya sauke kaya, kuma hakan ya taimaka ƙwarai. Na gode.

Sai dai abin da ya fi damuna, ka ce an gano duka 140. Ba a gano ba tukuna. Saura buhu 12, na sa musu ja a shafi na biyu. Ina zaton suna cikin kayan da aka wuce da su Marwa, amma sai sun aiko da hoton littafinsu zan iya cewa haka ne. Kada Alhaji ya rufe lissafin wata a kan cewa komai ya daidaita.

Ba rigima nake nema ba, Yaya, kai babba ne gare ni, kuma kai ka nuna mini aikin sito lokacin da na zo. Amma kada a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don Allah ka gyara saƙon, kuma rahoton da za a kai ran Juma'a a sa sunana a kan lissafin, naka a kan maganar direba.

Alhaji, duk tambayar da ta shafi lissafin a turo mini. Ina ofis har la'asar, takardun 63 suna cikin durowata.

Hajara