Hannu Ƙarƙashin Cinya

Kwana uku da saukar Sani a Tawa, portabul ɗin da ya zo da ita daga Yamai ta faɗa cikin randa. Kakarsa ta tsamo ta da ludayi, ta shanya bisa danga, amma ba ta sake kamawa ba. Ga bakansi ko sati bai yi ba. Yaron ya wuni yana zagaya gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, har Kaka ya gaji da ganinsa.

"Kai, ɗan birni, zo nan. Tunda ka kasa ƙwace mini mata, zo in gani ko ka iya ƙwace mini dara."

Suka fita gindin bedin da ke ƙofar gida, nan unguwar Bilbis. Kaka ya share rairayi da tafin hannu, ya dunƙule yatsu yana danna ƙasa: layi biyar, kowane layi gurbi shida, talatin ke nan. Ya kakkarya karan hatsi guda 12 ya ajiye gabansa. Sannan ya kwance bakin wata tsohuwar jaka, ya zubo wa Sani nasa ƴaƴan.

Sani ya ɗauki ɗaya ya shinshina. "Kaka, wannan fa?"

"Kashin raƙumi na. Busasshe. Ran Lahadi na tsinto shi kasuwa, wurin da Buzaye ka ɗaure raƙumansu. Kada ka yatsine huska, ya hi dutsi daɗin riƙo."

Dokokin ba su da yawa, Kaka ya faɗe su sau ɗaya. Da farko zubi: kowa ya ajiye ɗa guda, ɗayan ya ajiye nasa, har hannu ya ƙare, kuma a lokacin zubi ba a jera uku. Bayan nan sai tafiya, taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasa. Huɗu ba ta ci. Wanda ƴaƴansa suka koma biyu, an kashe shi.

"Shi ke nan?" in ji Sani. "Ai wannan wasan ƴan yara ne."

Kafin shayin farko ya tafasa an kashe shi sau biyu.

Abin da ya fi ba shi haushi ba cin ba ne, zaman ne. Shi da zarar Kaka ya ɗaga hannu ya riga ya jefa nasa. Kaka kuwa sai ya kafa wa gurabe ido, ya shafa gemu, ya amsa sallamar mai wucewa har da tambayar iyali da gajiya da labarin ruwa a Kaita, ya dawo ya sake dubawa, kana ya soka karansa a wani lungun da Sani bai ga amfaninsa ba. Sai wasa ya yi nisa karan nan ya zama shi ne ya tare hanya.

"Kaka, ka taka mana!"

"Ina zuwa. Kar ɗin Yamai za ka shiga?"

A wasa na uku Sani ya jera uku, ya yi tsalle, ya fizge kara ɗaya ya jefar. Tsofaffi biyu da suka jawo tabarma suna kallo suka dubi juna. Kaka bai ce komai ba, ya matsa kara guda zuwa gurbin da yaron ya bari a buɗe. Uku. Ya ci. Sani ya taka, Kaka ya maido karan nan inda ya fito. Uku kuma. Biyu a wannan layi, biyu a layin da ke kusa, ɗa guda yana kai da kawowa tsakaninsu, kowane taki da ci.

"Ya hau doki," in ji ɗaya daga cikin ƴan kallo. "Yaro, sai dai ka yi ta biyan kuɗin ciyawa."

Sani ya watsa rairayi da ƙafa ya shige gida. Kakarsa ta ce, "Maigidana, wa ya taɓa min kai?" Bai amsa ba.

Washegari bayan la'asar shi ya fara fitowa, ya haƙa gurabe da kansa, duk a karkace. Kaka ya zauna, ya ce, "Yau da sharaɗi. Hannunka na dama, sa shi ƙarƙashin cinya. Ba ka hiddo shi sai ka gaya mini abu biyu: in ka aje nan, ina ni za ni aje, kuma in na aje, kai mi za ka yi."

Da wuya. Hannun ya riƙa zillewa da kansa kamar ɗan akuya a turke. Suna cikin zubi hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa ganyen bedi, sannan ya watse ba ko ɗigo. Kaka ya bi shi da kallo.

"Shekarar El Buhari, 1984, haka ya riƙa yi muna. Ruwan hwari ya sauka, ni ina da ƙarhi, ina da gaggawa. Na kwashe irin da ke rumbu duka na kai gona, kwana biyu na gama shibka, ina yi ma mutane dariya. Wanena ya shibka rabi, ya ɓoye rabi cikin tulu. Ruwa ya ɗauke. Hatsina ya tsiro, ya ƙone ina kallo."

"Shi wan naka ya samu?"

"Bai samu abin kirki ba, shekarar ba ta bar kowa ba. Amma da wata damana ta zo shina da iri, ni ba ni da ko ƙwara. Shi ya zamna gida. Ni na bi ƴan bida zuwa Abijan, shekara shida ina tura amalanke, ubanka na goye aka baro shi, da na komo bai gane ni ba." Ya soka kara. "Taka. A'a, hannu. Gaya mini tukuna."

Haka bakansi ya yi ta tafiya. Ruwa ya sauka, aka yi noman fari, hatsi ya kai gwiwa. Da safe Sani ya bi ƴan uwansa gona, da yamma gindin bedi. Ya koyi barin ci in cin zai buɗe ƙofa, ya koyi cewa in za ka cire ɗan abokin wasa, ba wanda ke kusa da hannunka za ka ɗauka ba, wanda ake shirin ɗaura wa sirdi za ka nema. Bai ci Kaka ko sau ɗaya ba. Amma wasan da a da ke ƙarewa kafin shayin farko, yanzu sai a sha na uku ana kai.

Ana jibi zai koma Yamai, ƴan kallo sun kai shida. An gama zubi, an yi taki kamar goma, kowa na da tara. Sani ya ga uku a buɗe, wani daga baya har ya yi gyaran murya don ya nuna masa. Bai motsa ba. Hannunsa na ƙarƙashin cinya, idonsa na kan wani gurbi can gefe, leɓensa na motsi yana lissafi. Mai shayi ya zuba, ya zagaya, ya karɓi kofuna. Rana ta sauka bayan katanga. Garken awaki ya dawo daga kiwo ya wuce da ƙurarsa. Kaka ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya dubi masallaci, don ladan ya riga ya ɗauki buta.

"Kai, yaro, taka mana! Magariba za ta same mu nan."

Sani bai ɗago kai ba.

"Ina zuwa, Kaka. Kar ɗin Yamai za ka shiga?"

Tsofaffi suka fashe da dariya har ɗaya ya ƙware. Kaka ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya sunkuya ya dubi gurbin da yaron ke kallo, ya daɗe yana dubawa, sannan a hankali ya ɗaga cinyarsa ya tura hannunsa na dama ƙarƙashi.