Neman gurbin SIWES a Legas: rubutun shafukan sanarwa

Shafi na 1
Hoto: babbar ƙofar Jami'ar Legas, Akoka. Rubutun ya zama manya.
SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a kamfanoni, ta ƙarato. Ka samu wurin yi? Kin samu?
Ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa na gayyatarku zama na musamman. Ja gefe.

Shafi na 2
Asabar, 14 ga Nuwamba, 2026
Ƙarfe 10:00 na safe zuwa 1:30 na rana
Ɗakin lacca na Tsangayar Injiniya
Shiga kyauta, amma kujeru 120 ne kacal.

Shafi na 3
Hoton kowane mai jawabi a gefen bayaninsa.
Malama daga cikin masu duba ɗalibai a wurin horo. Za ta yi bayanin cika logbuk kullum da sa hannun shugaban wurin aiki duk mako. Wanda ya bari sai ƙarshe ya zauna ya cika na wata shida a dare ɗaya, rubutunsa ne ke tona shi.
Jami'in ɗaukar ma'aikata a wata masana'anta a Ikeja: abin da ke sa a ajiye takardar nema ba a karanta ba.
Tsohuwar 'yar ƙungiya, injiniya a Apapa, wadda aka riƙe aiki a inda ta yi horo.

Shafi na 4
Abin da za a taɓo: wasiƙar gabatarwa daga makaranta, wasiƙar amincewa daga kamfani, fom ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, da lokacin miƙa kowanne. Sai batun nisa, wanda mutane ke rainawa. Mai kwana a Agege da ya karɓi gurbi a Lekki ya fara lissafa kuɗin mota da cunkoso kafin ya ce to.

Shafi na 5
Rajista:
1. Taɓa mahaɗin da ke saman shafinmu.
2. Rubuta cikakken suna yadda yake a katin makaranta, lambar matirik, sashe da aji.
3. Sa lambar da kake WhatsApp da ita. Ta nan saƙon tabbaci zai zo cikin awa 24.

Idan bai zo ba, galibi lamba ɗaya ce ta kuskure. Kada a sake cika fom, suna biyu na cinye kujerar wani. A turo mana saƙo mu gyara.
Za a rufe ranar Laraba, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na yamma, ko da zarar kujeru sun cika.

Shafi na 6
A zo da katin makaranta, biro da kwafi biyu na CV a buge, domin za a duba su nan take. Masu zuwa daga waje su hau motar Akoka daga Yaba ko Bariga. Za a tashi a kan lokaci don sallar Azahar.

Rubutun ƙasan sanarwa
'Yan aji uku da huɗu, wannan taku ce. A tura wa abokan ɗaki. Allah Ya ba da ikon halarta.