Fassarar takardar ranar ganawa ta neman biza, zuwa ga Gwaggo Asabe

Assalamu alaikum Gwaggo, ya Jos da sanyi? Takardar da Sani ya turo mini ta ranar ganawa ce, ba bizar ba ce tukuna. Ga abin da ta ce:

"An ba ki ranar Talata, 14 ga Afrilu, ƙarfe 9:30 na safe, a cibiyar karɓar takardun bizar Faransa da ke Abuja. Ki zo da kanki, domin za a ɗauki hotonki da hoton yatsunki goma. Ki riƙo wannan takarda a buge. Wanda ya makara yana iya rasa ranarsa. Kuɗin biza Yuro 90 ne, ban da kuɗin aikin cibiyar, kuma ba a mayarwa ko da an hana biza. Ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci, cibiyar karɓa kawai take yi."

Abubuwan da za ki zo da su, kowanne da kwafinsa:

1. Fasfo. Ya kasance bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, yana da shafi 2 da ba a buga komai a kai ba, kuma da sauran wata 3 a kansa bayan ranar da za ki baro Turai. Naki ya cika duka, na duba.
2. Fom ɗin da muka cika a France-Visas, shafin intanet na neman bizar Faransa, da rasit ɗinsa. Ki sa hannu irin na fasfonki.
3. Sabon hoto guda 2, milimita 35 da 45. Hijabi ba laifi, amma fuska ta fito tun daga goshi har haɓa.
4. Takardar masauki, wadda suke kira attestation d'accueil. Hadiza ce za ta karɓo a ofishin magajin garin Lyon ta aiko da ta asali. Hoton waya ba ya yi, don haka ki matsa mata tun yau.
5. Inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da ta rufe dukkan kwanakin tafiya.
6. Bayanin asusun banki na wata 3 da takardar fanshonki. Don Allah kada kowa ya zuba miki kuɗi mai yawa a makon nan wai don asusu ya yi kyau, tambaya yake jawowa.
7. Shaidar ajiye kujerar jirgi, zuwa da dawowa, da takardar haihuwar Hadiza.

Wannan kuma nawa ne, ba ya cikin takardar: ki haƙura da ƙunshin bikin Rabi, domin lalle kan hana na'ura karanta yatsu. Ki taho tun Litinin ki kwana wurinmu a Kubwa, ba a yi wa cunkoson Mararaba da Nyanya alkawarin safiya. Fasfon zai zauna a hannunsu, yawanci kwana 15, wani lokaci har 45, saboda haka kada a biya tikiti sai ya dawo.

Ki kira ni in motarku ta wuce Keffi, zan tarye ki a tasha.

Ɗanki,
Nasiru