Ɗumamen Inna Kulu

Hayaƙin kara ne ya tashi Ma'u daga barcin bayan asuba. Ta fito tsakar gida tana gyara ɗankwali, ta tarar da Inna Kulu zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana tura kara a murhu. Tukunyar tuwon jiya na gefenta, an ɗage faifan da ke bakinta.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau, kishiya. Kin tashi? Ɗauko min ludayi ga kwando."

Ma'u ba ta je wajen kwandon ba. Ta durƙusa ta leƙa tukunyar. Malmala huɗu na tuwon shinkafa, sun yi gumi, ruwa-ruwa ya taru a ƙarƙashinsu. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, dare kuma bangon ɗaki ya yi ta amayar da abin da ya sha. Jiya duk mutanen Gidan Haki a waje suka kwana. Wuta ta ɗauke tun shekaranjiya, firjin da baban Ma'u ya aiko daga Kaduna ya koma ma'ajiyar kwanoni.

"Inna, wanga tuwo ba ya ciwuwa."

"Wa yac ce?"

"Tun la'asar anka sauke shi. Ya kwan cikin zahin ga."

"To ɗumame hwa mi na na? Ba tuwon da yak kwana ba na?" Inna Kulu ta jawo ƙaramar tukunyar miya ta ɗora a wuta. "Ni da ɗumame anka yaye ni. Ubanki da shi yag girma, ga shi can da tumbi awa buhun gero."

Ma'u tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, kuma tun da ta fara zuwa asibiti aikin gwaji ba ta da zance sai ƙwayoyin cuta. Inna ta saba. Ta bar ta ta haramta randar da ba murfi, ta bar ta ta jefar da tsohon soson wanke-wanke. Amma tuwo daban ne.

Ma'u ta zauna a bakin tabarma ta soma bayani a hankali, yadda ake koya musu yi wa majinyaci mai taurin kai. Ta ce shinkafa ba kamar dawa ko gero ba ce wajen saurin lalacewa a idonta, domin ita aka fi yi musu kashedi a kanta. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, tana da ƙoƙon da tafasa ba ta kashewa. In abinci ya huce ya zauna cikin ɗumi, sai ta farfaɗo ta hayayyafa, ta zuba dafi. Dafin nan kuwa ko an sake ɗumamawa har tuwo ya yi tururi, yana nan. Shi ya sa ake cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Mutum ya ci, kafin azahar sai amai.

"Kin gama wa'azin?"

"Inna, da hunturu na da ban ce komi ba."

"Awa biyu!" Inna Kulu ta tafa hannu. "Ashe duk Sakkwato gawa muke ba mu sani ba. Ke, shekarad da anka canza kuɗi anka kawo naira, ina da goyon yayan ubanki, ruwa ya ƙi zuwa. Mutanen arewa sunka cika garin ga, shanunsu sun ƙare, mata na biɗad dussa ƙohwa-ƙohwa. Ƙanzo muka jiƙawa mu ba yara. Wanda yag ga wannan ba ya zubda malmala huɗu don wata ƙwaya da ido bai gani."

Farin 1973 take nufi. Ma'u ta ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma ta san duk lokacin da ya fito, gardama ta kusa fin ƙarfinta. Ta yi shiru tana kallon miyar sure da ta fara ɓararraka.

Gaskiya Inna ba ta barin abinci haka kawai. Tana da dokokinta, waɗanda ta gada wajen uwarta. Miya sai ta sake tafasa bayan isha'i, a rufe ta da zafinta, ba mai ƙara buɗewa. Ludayin da ya taɓa baki ba ya komawa tukunya. Tuwo a jera shi kada malmala ta hau malmala, a rufe da faifai don ya sha iska, a ɗora a kan turmi saboda kyanwa. Da safe kuma hanci ne alƙali.

Sai ga muryar almajiri daga zaure: "Ko ɗan ɗumame, Iya!"

"Yawwa," in ji Inna. "Tunda ke likita ta, ba ki ci, a ba Sani malmala biyu, ni in ci biyu. Miƙo ƙwaryatai."

"Wallahi ba a ba shi." Muryar Ma'u ta tashi har ita kanta ta ji. Ta sassauta. "Inna, ke in cikinki ya ɓaci ina nan, ga gishiri da sukari, ga asibiti. Shi wa ad da shi? Abin da ban iya ci, ban ba ɗan mutane."

Inna Kulu ta dube ta, ta dubi zaure. Ba ta amsa ba. Ta sa hannu ta ɗauko malmala ɗaya, ta gutsura ta biyu a hankali. Wani siririn zare ya biyo tsakanin gutsuren kafin ya tsinke. Ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta juya ta ƙasan, sai idonta ya sauka a kan wani rami mai siffar cokali a gefenta.

"Wa yat taɓa min tuwo da dare?"

Ma'u ta sunkuyar da kai. Ƙarfe ɗaya na dare, tana karatun jarrabawa da fitilar waya, yunwa ta taso mata.

"Loma biyu ta kawai."

"Da cokalin da kil lasa kim maida! Kuma kib bar faifan a karkace, na gani da asuba nic ce kyanwa ta." Fuskar Inna ta washe, har wawulonta ya fito. "To ga ƙwayac cutar nan zaune bisa tabarmata. Shekara hamsin ina aje tuwo bai taɓa yauƙi ba sai da anka kawo min likita cikin gida."

"Inna, ko ban taɓa ba, zahin ga..."

"Rufe min baki. Kwashe shi ki kai ma awaki."

Ma'u ta ɗauki tukunyar da sauri kafin a canza shawara. Ta juye malmalar a kwatarniyar awaki, ta dawo za ta zuba wa tukunyar ruwa, Inna ta fizge ta.

"Ƙanzon hwa? Shi ma ƙwaya ta cinye shi? Shanya shi za ni yi bisa rufi, rana ta gasa shi."

"Shi ma shinkahwa ta."

"Ke dai kawo kuɗin da ubanki yat turo miki ranal Lahadi, na ji ƙaraw waya. Masa za ki sawo muna gidan Ige, ta mutum ukku. Ki ce ma Sani shi zamna zaure shi jira, miya ta yi zahi."

"Miyam ma, Inna..."

"Ita ma kin sa mata cokali?"

"A'a."

"To ɗauki hijabinki."