Sallama ga abokan aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamar yadda yawancinku kuka ji, yau Juma'a ce ranata ta ƙarshe a sito. Na sami wani aiki a Haɗeja, kusa da gida, kuma Baba ya kai shekarun da ya kamata a ce ɗayanmu yana gefensa. Dalilin ke nan, babu wani ɓoyayye. Masu cewa kujerar ofishina ce ta kore ni saboda karyayyiyar ƙafarta, ku daina, na bar wa magajina ita gado.

Na zo wannan kamfani a 2019, lokacin da aka rufe iyakoki, kowa ya koma kan shinkafar gida, tireloli suna layi tun daga bakin ƙofa har titi. A lokacin ban iya bambance shanshera busasshiya da mai danshi ba sai an kawo na'ura. Malam Sani na sikeli ne ya koya mini a damƙa a hannu, a ciza ƙwaya ɗaya, kafin na'urar ta nuna ko ta sauko kashi 14 cikin ɗari. Ya koya mini kuma yadda ake ce wa manomin da ya taso daga Kura ko Bunkure tun asuba kayansa ba su bushe ba, ba tare da ya tafi da ɓacin rai ba. Wannan na biyun ya fi wuya, kuma har yau ban kai shi ba. Malam, Allah ya saka da alheri.

Mun ga abubuwa tare. Kullen korona na 2020, da wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, ranar da 'yan dako suka gama lodi amma babu tsabar kuɗin sallamarsu, Hajiya Binta ta wuni tana bin masu cirar kuɗi na bakin titi har aka biya kowa kafin magariba. Hajiya, kin matsa mini a kan rasit fiye da yadda nake so, amma albarkar wannan matsin ne ƙididdigarmu ba ta taɓa ba mu kunya a gaban masu bincike ba.

Godiyata ta musamman ga 'yan dako da direbobi da masu gadi. Sunana ne yake kan takardar kaya, amma buhu mai kilo 50 a kanku yake hawa, a zafin watan Afrilu, wani lokaci da azumi a baki. In lissafin sito ya daidaita a ƙarshen wata, gaskiyarku ce ta daidaita shi, domin mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan kowane buhu ba. Ina roƙon shugabanni a duba maganar rumfar da suke nema a wajen lodi kafin damina ta kankama. Na sha faɗa a taro, yau ma na sake faɗa tunda bakina bai rufe ba tukuna.

Ranka ya daɗe Manaja, na gode da amanar da ka ba ni, da kuma uzurin da ka yi mini lokacin jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ban manta ba.

Batun aiki: na miƙa wa Auwalu makullai da littafin shige da fice na kaya, mun ƙirga komai tare ranar Laraba, mun sa hannu a gaban Hajiya. Odar dilolin Kasuwar Singa da ba a kai ba tana cikin jan fayil. Auwalu ya san aikin, sai dai yana da kunya, don haka kada a yi amfani da wannan a riƙa fitar da kaya a ce takarda za ta biyo baya. A ba shi haɗin kan da aka ba ni. 'Yan adashi kuma ku kwantar da hankalinku, zan ci gaba da zubi har zagayen ya ƙare.

Zama tare ba ya rasa saɓani. Duk wanda na ɓata wa, da sanina ko ba da sanina ba, ya yafe mini don Allah. Ni ban riƙe kowa ba. Wanda kuma yake bi na bashi, ko na kuɗin shayin wurin Ɗanladi ne, ya same ni kafin a tashi.

Lambata ba ta canza ba. In hanya ta biyo da ku Haɗeja ku neme ni, akwai kifi. Bayan an sauko daga masallaci zan zagaya sashe-sashe mu yi musabaha.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya bar zumunci.

Naku,
Nasiru na Sito