Jagora Ga Malamai Masu Horar Da Sababbin Abokan Aiki A Firamare

Kafin ka ce komai, shiga ajin sabon malamin sau 2, ka zauna a baya minti 35 cif. Kada ka gyara masa a gaban yara; da zarar sun ga an yi masa gyara, sun raina shi ke nan.

Lura da mintuna 5 na farko. Yawancin hayaniya daga nan take farawa, saboda ya juya baya yana rubutu a allo, yara kuwa ba su da abin yi. Koya masa rubuta tambaya kafin ƙararrawa, da kiran yaro da sunansa maimakon yi wa aji duka tsawa.

Bayan an tashi, ku keɓe. Gyara ɗaya kacal a mako; uku sun yi masa yawa.